Zuwa ga Jidda: likitanci, jinya, haɗa magunguna ko ɗakin gwaji?

Assalamu alaikum ƙanwata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, Umma da Baba da su Auta duk suna lafiya. Na ga saƙonki tun daren Talata, da hoton sakamakon JAMB ɗin. Na ƙi kiranki ne da gangan, don na san in muka hau waya Umma za ta karɓe, Gwaggo ma in tana nan ta sa baki, a tashi ba a tsayar da komai ba. Gara in zauna in rubuta, ki karanta a nitse, ki maimaita in kin so.

Maki 246 ba abin kuka ba ne. A 2024 kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda suka zauna jarrabawar ko 200 ba su kai ba. Sai dai ke ba da waɗannan kike takara ba. Kin cike likitanci a BUK, abokan takararki su ne 'yan saman jeri, masu 280 da 300. Tambayarki kuwa ita ce: ki bar zaɓin yadda yake, ko ki canja tun ƙofa tana buɗe? Kawu ya ce haɗa magunguna, ƙawarki ta ce ɗakin gwaji, Umma tana son ta ga 'yarta nas, ke kuma tun kina aji uku a firamare kike cewa likita za ki zama. Ga abin da nake gani.

Ma'aunin da zan auna su da shi

Na farko, kuma shi ne babba a wurina: in kin gama, akwai lasisi a hannunki ko babu? A harkar lafiya digiri shi kaɗai ba ya ba mutum izinin taɓa majinyaci. Kowace sana'a tana da hukumar da ke yi wa mai ita rajista: MDCN ta likitoci, NMCN ta nas-nas da ungozoma, PCN ta masu haɗa magunguna, MLSCN ta masu ɗakin gwaji. Wanda ba ya cikin kundinsu, ko ya fi kowa ilimi, doka ba ta san da shi ba.

Na biyu, ƙofar shiga: da makinki, wanne ne za ki iya samu a bana? Na uku, shekaru da kuɗi, daga ranar rajista har ranar albashin farko. Na huɗu, haɗarin a tsaya a hanya. Na biyar, yadda ranar aiki take, don kwas shekara biyar ne ko shida, aikin kuwa shekara talatin da biyar.

Bari in tsaya kan ƙofar shiga, don a nan ne mutanen gidanmu suka fi yin lissafin dokin rano. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe kashi uku: 45 cikin ɗari ga masu maki mafi yawa daga ko'ina, 35 ga 'yan jihohin da ke kewayen jami'ar, 20 ga jihohin da aka lissafa a matsayin waɗanda aka bari a baya a boko. Kano tana cikin na biyu da na uku a BUK, amma kada wannan ya ruɗe ki, don 'yan Kano masu neman likitanci a can ba sa ƙirguwa, kuma da su za a jera ki. Sannan ba jami'a ce take yanke adadin ɗaliban da za ta ɗauka ita kaɗai ba, hukumar sana'ar ce take ƙayyade mata. Ko shugaban jami'ar kawunki ne, ba zai ƙirƙiro miki kujera ba.

Kowace jami'a da yadda take haɗa maki, ki duba ta BUK a sanarwar bana. Amma ga wata hanya da wasu suke bi, don ki ga girman ramin. A raba makin JAMB gida takwas, a raba na jarrabawar tantancewa ta jami'a gida biyu, a haɗa. Naki 246 ya zama 30.75. Mai 300 yana da 37.5. Tazarar 6.75 ce, wato sai kin fi shi da maki 14 cikin ɗari a jarrabawar tantancewa kafin ki sha gabansa. Ba abu ne da ba ya yiwuwa ba, amma wanda ya ci 300 ba barci zai yi a ɗakin jarrabawa ba.

Likitanci

A shafin JAMB sunansa Medicine and Surgery, digirin kuma MBBS. Shekara shida ne a takarda. Shekarar farko fizis ne da kemistiri da bayoloji, kamar an ɗora daga sakandare, kuma a nan ake fara tankaɗe. Ki dubi yadda makinki ya rabu: Turanci 58, fizis 52, kemistiri 61, bayoloji 75. Fizis ɗin nan ba a ƙofar jami'a za ki rabu da shi ba, yana jiran ki a ciki. A aji biyu da uku ake karatun sassan jiki da yadda suke aiki, har da feɗe gawa a ɗakin koyo, sannan a zauna babbar jarrabawa ta farko. Makin ci 50 ne, ba 40 ba. Wanda ya faɗi darasi ɗaya yakan sami damar sakewa, wanda ya faɗi da yawa ya maimaita shekara, wanda ya sake faɗuwa a sallame shi zuwa wani kwas. Ba irin tsarin da za ki ja darasin da kika faɗi ki wuce da shi aji na gaba ba ne.

Daga nan sai asibitin koyarwa, ga 'yan BUK wato Asibitin Malam Aminu Kano da ke titin Zariya. Bayan an gama akwai shekara guda ta sanin makamar aiki, wata uku-uku a sashen manya da tiyata da yara da na mata da haihuwa, ana biyan albashi. Sai bautar ƙasa. In kika shiga da shekara 17, albashin farko yana zuwa kina 23, ki gama hidimar ƙasa kina 25. Wannan in komai ya tafi daidai. A 2020 ASUU ta yi yajin aiki na wata tara, a 2022 na wata takwas, ni kaina na farkon ya cinye mini shekara. In kuma ƙwararriyar likitar mata kike son zama, kamar yadda kika taɓa faɗa mini, ki ƙara wasu shekaru biyar ko shida na horo a asibiti, da jarrabawa a kowane mataki.

Abin da ke bayansa ba ƙarami ba ne. Likita mace a Kano ba ta rasa wurin aiki, mata da yawa sun fi sakin jiki su faɗi abin da ke damunsu a gaban 'yar'uwarsu, albashin likitoci ma tsarinsa daban ne da na sauran ma'aikatan asibiti, ya kuma fi shi. Kuɗin karatun shi ne mafi nauyi cikin huɗun, ba don rajistar shekara kawai ba, don shekarun sun fi yawa kuma babu sararin da za ki riƙe wata 'yar sana'a a gefe. Hukuncina: da 246, a BUK, a bana, ƙofar ƙarama ce ƙwarai.

Kada kuma kowa ya kawo miki zancen fita waje a matsayin gajeriyar hanya. Kin ga yadda aka kwaso ɗalibanmu daga Sudan a 2023 da yaƙi ya ɓarke, wasu saura musu shekara ɗaya. Wanda ya gama lafiya ma sai ya ci jarrabawar MDCN a nan gida kafin a ba shi lasisi. Mu dai ba mu da kuɗin, magana ta ƙare.

Aikin jinya

Nursing Science a shafin, digirin BNSc, shekara biyar. Cikin shekarun ake zama jarrabawar hukumar, a fito da rajistar nas, a jami'o'i da yawa har da ta ungozoma. Bayan nan shekarar horo, sai bautar ƙasa. Albashin farko kina 22.

Na san abin da ya sa kike ɗaga wa wannan hanci. Kin ce nas 'yar aiken likita ce. Ki tuna kwana tara da kika yi a ɗakin mata lokacin jinyar Hajiya Babba. Likita sau nawa kika gan shi a rana? Da safe ya zagayo da ayarinsa, ya yi minti biyar a gadon, ya rubuta, ya wuce. Wa ya lura da tsakar dare cewa numfashinta ya canja, ya duba ledar fitsari ya ga tun magariba ba ta ƙaru ba, ya sa aka taso likitan? Ke kika ba ni labarin nan da bakinki, har kina kwaikwayon yadda matar ta ɗaura agogo a ƙirjin riga tana ƙirga bugun jini. Kuma Umma ta faɗa mini abin da ba ki faɗa ba: ke kika riƙa juya Hajiya duk bayan awa biyu don kada bayanta ya yi gyambo, kina canja mata shimfiɗa ba ki taɓa yamutsa fuska ba, alhali Auta ko ƙofar ɗakin ba ta iya tsayawa. Wannan shaida ce da JAMB ba ta aunawa.

Wahalarsa ba a aji take ba sosai, duk da nan ma 50 ne makin ci, kuma akwai anatomi da ilimin magunguna. A jiki take. Aikin safe, na yamma, na kwana, ranar Sallah ma wani yana bakin aiki. A asibitocin gwamnati nas ɗaya takan riƙe gadaje fiye da ƙima, dangin majinyaci kuma in ransu ya ɓaci ita ce a kusa. Albashin farawa bai kai na likita ba. Amma cikin huɗun nan babu wanda ya kai shi yawan ƙofofi: babban asibiti, ƙaramin asibitin unguwa, na kuɗi, ƙungiyoyin agaji, koyarwa a makarantar jinya, da ƙasashen waje da kullum suke ɗibar nas-nas ɗinmu. Duk garin da aure ya kai ki, ko Gumel ne ko Fatakwal, akwai ɗakin haihuwa.

Sai dai kada ki ɗauka mafaka ce ta waɗanda suka rasa likitanci. 'Yan shekarun nan rububinsa ake yi, a wasu jami'o'in shi ke bin likitanci a tsada. Makinki yana cikin takara a nan, ba a sahun gaba ba. Shi ya sa nake son ki duba har da Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da ke Azare, wadda aka kafa a 2021, ki kwatanta makin da aka tsaya a kai bara a can da na BUK. Akwai kuma kwalejojin jinya na jiha, hanyar da yawancin nas-nas ɗin da kika gani suka bi. Lasisin ɗaya ne, kuɗin ya fi sauƙi, sai dai mai digiri tana fara aiki a mataki mafi sama, kuma da yawa daga 'yan kwaleji sukan dawo jami'a daga baya da goyo a baya.

Haɗa magunguna

Pharmacy. A wasu jami'o'in shekara biyar ne, a wasu shida, ya danganta da irin digirin da suke bayarwa, don haka ki tambaya kafin ki lissafa. Kawu yana kallon shagunan magani ne, yana ganin ciniki. Gaskiyarsa ta wani ɓangaren: doka ba ta yarda a buɗe cikakken kantin magani ba sai da mai lasisi a kansa, kuma hukuma ta fara matsawa, kin ga yadda aka tashi 'yan kasuwar magani daga Sabon Gari zuwa Dangwauro a 2024. Mai lasisi tana iya zama a asibiti, ko kamfanin magani, ko NAFDAC, ko ta buɗe nata. Ga mace mai iyali, kanti a kusa da gida ba tare da aikin kwana ba abu ne mai daɗi.

Abin da Kawu bai gani ba shi ne cikin karatun. Kemistiri ne tun daga farko har ƙarshe, da lissafin awo wanda kuskuren ɗigo ɗaya yake mai da magani guba, kuma a darasin haɗawa da bayarwa makin cin ma yakan fi na sauran. Ke kuwa na san ki: kemistiri kina cin sa ne da hadda, ba don kina jin daɗinsa ba. Sannan lasisi ba jari ba ne. Hayar shago, firji, sola, kayan farko, duk miliyoyi ne, wanda ba shi da su yakan ƙare yana tsaron kantin wani. Ƙofar shigarsa ma ba ta fi ta jinya faɗi ba.

Ɗakin gwaji

A nan ki buɗe ido da kyau, don suna biyu ne masu kama da juna. Medical Laboratory Science shi ne mai shekara biyar da lasisin MLSCN. Science Laboratory Technology wani kwas ne daban, ba ya ba ki izinin sa hannu a sakamakon gwajin majinyaci. Mutane da yawa sai sun kai aji biyu suke gane ba wanda suke nufi suka shiga ba.

Aikin shi ne jini da fitsari da majina da tsokar da aka yanko: ƙirga ƙwayoyin jini, gwada jinin da za a ƙara wa mutum ya dace ko bai dace ba, shuka ƙwayar cuta a ga maganin da ke kashe ta. Buƙata tana ƙaruwa, ko dokar gwajin kafin aure da Kano ta sa wa hannu a 2024, mai tilasta gwajin sikila da ciwon hanta da ƙanjamau, ta ishe ki misali. Wanda ba ya son hayaniyar mutane, yake da haƙurin zama da madubin ƙara girma awa uku, ya samu wurinsa. Haɗarinsa shiru ne: a manna sunan wani a kwalbar wani, ko allura ta soki yatsa. Guraben gwamnati ba su kai na nas yawa ba, don asibiti mai nas hamsin ƙila masu gwajinsa ba su wuce biyar ba, kuma samun wurin yin shekarar horo kan sa wasu zaman jira. Ke da ba ki iya zama minti goma ba ki sami wanda za ki ja da hira ba, ban ga ki a can ba. Amma lasisi ne na gaske, kuma sau da yawa makinsa yakan ɗan sassauta.

Wanda ba ki tambaya ba, kuma shi za a miƙo miki

In kika bar likitanci a zaɓinki ba ki kai ba, ba lallai a ce miki babu ba. Wata rana za ki buɗe CAPS, shafin JAMB na ba da gurbin karatu, ki ga an yi miki tayin sauya kwas, a wurin da aka rubuta Transfer Approval: Biochemistry, ko Microbiology, ko Human Anatomy, ko Human Physiology. Gida zai ɗauki murna, a ce da babu gara ba daɗi, wani kuma ya ce ki karɓa kawai, in kin yi ƙoƙari a aji ɗaya za a mayar da ke likitanci.

Ni aka faɗa wa wannan maganar, kin sani, sai dai lokacin kina ƙarama ba ki san yadda ta ƙare ba. Na karɓi bayokemistiri da wannan niyya. Na yi karatu kamar zan mutu, na gama aji ɗaya da sakamakon da ban taɓa yin irinsa ba. Na rubuta takardar neman sauyi, na kai ofis, wani ma'aikaci ya karɓa ko kallona bai yi ba, ya ɗora ta a kan wani tuli da ya kai tsawon hannuna. A ajinmu kaɗai mun fi mu arba'in da muka rubuta. Ba a ɗauki ko ɗaya ba, don kujerun aji biyu na likitanci a ƙirge suke, 'yan ajin ma rage su ake yi, ga kuma masu shigowa aji biyu kai tsaye. Na yi shekara huɗu, yajin aiki ya mai da ita biyar. Bayan bautar ƙasa na je wani ɗakin gwaji mai zaman kansa neman aiki, mai wurin ya duba takarduna ya yaba, sannan ya ce, "Ina lasisinka?" Shekara ɗaya da rabi ina koyar da kemistiri a makarantar kuɗi kafin Allah ya kawo wannan aikin na duba ingancin kaya a kamfani.

Ba ina cewa kwasa-kwasan banza ba ne. Wanda yake son bincike da koyarwa, ya shirya yin digiri na biyu da na uku, hanyarsa ce, kuma sun fi sauƙin kuɗi. Amma ba ƙofar baya ba ce ta shiga asibiti. In kin danna Accept a CAPS, kin rufe wa kanki sauran gurabe na wannan shekarar.

Ga su a jere:

| Kwas | Shekaru a jami'a | Lasisi | Nauyin kuɗi | Shiga da 246 | Inda ake tuntuɓe |
|---|---|---|---|---|---|
| Likitanci | 6 | MDCN | mafi nauyi | da wuya ƙwarai | aji ɗaya da jarrabawar aji uku |
| Jinya | 5 | NMCN | matsakaici | akwai takara, ba tabbas | aikin kwana da gajiya |
| Haɗa magunguna | 5 ko 6 | PCN | mai nauyi | akwai takara, ba tabbas | kemistiri, sai jarin kanti |
| Ɗakin gwaji | 5 | MLSCN | matsakaici | ya fi yiwuwa | ƙarancin gurbin horo da na aiki |
| Bayokemistiri da danginsa | 4 | babu na asibiti | mafi sauƙi | a buɗe | neman aiki bayan an gama |

Huɗun farko kowanne ki ƙara masa shekarar horo ɗaya da ta bautar ƙasa ɗaya.

Maganar kuɗi

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Fanshon Baba abinci yake saya, ba ya wuce nan. Ni zan iya ɗaukar rajistar shekara, in kuma riƙa turo miki dubu arba'in a wata, in dai aikin nan yana nan. Tun 2023 jami'o'in tarayya suka ƙara kuɗin rajista, kwasa-kwasan lafiya kuma su ne a sama. Banda wannan akwai farar riga, da kayan aiki, da kuɗin shigar da sunanki kundin ɗalibai na hukuma, da na jarrabawarta. In kina BUK kina kwana a gida, kin huta da kuɗin ɗaki da na girki, amma mota za ta ci: ko dubu ɗaya kike kashewa a rana, kwana 22 dubu 22 ke nan, fiye da rabin abin da zan turo. In Azare ce, motar ta ragu, ɗaki da abinci su hau. Akwai bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024, ba ruwa a kansa, suna biyan rajista kai tsaye ga makaranta su ba ɗalibi dubu ashirin a wata, a fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa. Bashi dai bashi ne, amma in ta kama za mu nema. Abin da nake son ki gani shi ne kowace shekara ɗaya da kwas ya ƙaru, ko aka maimaita, wannan lissafin gaba ɗaya ake sake biya, ga Auta tana tafe nan da shekara uku.

Gwaggo kuma da take cewa shekara shida ta yi yawa ga 'ya mace, ki bar ni da ita. Mata nawa suke karatun nan da aurensu. Amma ba zan ɓoye miki ba, shekarun asibiti da jariri a hannu sai da miji mai haƙuri da uwa a kusa, kuma wannan ya shafi jinya kamar yadda ya shafi likitanci.

To, wanne?

In zuciyarki ta kafe cewa likita ko ba komai, har kin yarda ki ga ƙawayenki sun wuce ki da shekara, to hanyar gaskiya ita ce ki sake zama JAMB baɗi, ki sa fizis a gaba tun yanzu, ki nemi ƙarin maki arba'in ko hamsin. Shekarunki 17, kina da sarari. Akwai kuma karatun share fage na IJMB ta ABU mai kai mutum aji biyu kai tsaye, amma kujerun likitanci ta nan sun fi na JAMB ƙaranci, sai mai sakamako na ƙin ƙarawa. In za ki sake, sau ɗaya za mu yi, mu sa wa abin iyaka tun yau.

In abin da kike so shi ne ki tsaya a kan majinyaci, ki karɓi haihuwa, ki sami aiki duk inda kika sami kanki, jinya ce. In da kemistiri ne abincinki kuma kina da kan kasuwa, da na bi bayan Kawu. In kin fi son aiki a tsanake, nesa da kukan dangi, ko kuma kika ga makin jinya na bara ya fi ƙarfinki a duk inda muka duba, ɗakin gwaji ya fi zaman gida, ya kuma fi kwas marar lasisi nesa ba kusa ba. Bayokemistiri sai in malamar jami'a kike son zama.

Ni da za ki bi tawa, ki mayar da zaɓin farko jinya, don bayoloji 75 da kwana taran nan na asibiti abu ɗaya suke faɗa. Zaɓin farko na ce, don jami'o'in da ake rububi ba sa waiwayar wanda ya sa su na biyu. Kafin ki canja, ki tabbatar kwas ɗin a jami'ar da kika zaɓa yana da amincewar hukumar jami'o'i ta NUC da ta NMCN duka biyun, ba ɗaya ba.

Ranar Asabar ki sa Sani ya raka ki cibiyar da JAMB ta amince da ita, ba shagon intanet na bakin layi ba. Ki tafi da sakamakon NECO, shi ne mai kiredit biyar ɗin a zama ɗaya, Turanci da lissafi da fizis da kemistiri da bayoloji, a ɗora shi a shafinki, don in babu shi a can jami'a ba za ta iya tura sunanki ba ko makinki nawa ne. Lambar sirrinki kada ki bar wa kowa, kar wani ya danna miki abin da ba ki zaɓa ba. Kafin nan ki je gidan Anti Nas ta bayan masallaci, ki roƙe ta ta ba ki labarin satin aikin kwana ɗaya, tun daga karɓar aiki har miƙawa, sannan ki kira ni daren Juma'a bayan isha'i. Na turo dubu biyar ta asusun Sani, kuɗin canjin da na mota.

Ki gaishe da Umma da Baba, ki ce wa Auta ina sane da alkawarin takalminta.

Yayanki,
Bashir